Laftof ɗina ta koma tafiyar hawainiya, faifai kuma yana nuna 100%

Malam Sani, Garwa

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan laftof ɗin da nake riƙe lissafin shagonmu na hatsi a cikinta. Na saye ta kwance shekara uku da suka wuce, tana ɗauke da Windows 10 na Faransanci, RAM ɗinta gigabait 4, faifan ajiyarta kuma gigabait 500. Tun asali ba mai sauri ba ce, amma a makonni uku da suka wuce lamarin ya wuce misali. Idan na kunna ta da safe, sai in ɗora shayi, ya tafasa, in sha kofi guda, sannan ta yarda in buɗe Excel. Wani lokaci ina cikin rubutu sai komai ya tsaya cik na kusan rabin minti, kibiyar linzami ce kaɗai ke motsi, daga baya haruffan da na buga su zubo a lokaci guda.

Ɗan yayana ya nuna mini yadda ake buɗe Gestionnaire des tâches, sai muka ga layin Disque ya yi ja yana nuna 100%. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da na duba faifan C: sai na tarar akwai sauran fili fiye da gigabait 200. Ta yaya faifai zai cika ɗari bisa ɗari alhali kusan rabinsa wayam yake?

Ɗanjuma, Kusseri

Wa alaikumus salam, Malam Sani. Wannan aikin bairos ne, ba shakka, domin irin filash ɗin da ake yawo da su daga shago zuwa shago ba sa rasa ƙwari. Ka kai ta wurin mai gyara ya goge komai ya sake ɗora Windows sabo. Tawa ma haka ta yi bara, da aka goge ta sai ta dawo garau.

Malama Zainabu, Ngawundere

Malam Sani, kafin ka yarda a goge maka komai, ka ji abin da ya faru da tawa, wadda ita ma RAM ɗinta gigabait 4 ne. A cikin tagar da ka buɗe ɗin nan akwai shafi mai suna Démarrage, inda aka jera manhajojin da ke tashi da kansu duk lokacin da aka kunna kwamfuta. Da na duba nawa sai na tarar da guda goma sha huɗu a kunne, ciki har da Skype da ban taɓa amfani da shi ba, da manhajar wata firinta da ta mutu tun tuni, da rigakafin bairos guda biyu da wanda ya sayar mini ya ɗora, kowanne yana binciken abin da ɗan'uwansa ke bincike. Na danna kowanne na zaɓi Désactiver, na cire rigakafin duka biyu na bar na Windows kawai. Tashin da ke ɗaukar minti shida ya koma ƙasa da biyu. Kashe su a wannan shafi ba ya goge su daga kwamfuta, hana su tashi da kansu kawai yake yi, saboda haka babu abin tsoro a ciki.

Injiniya Bukar, Marwa

Malam Sani, barka da aiki. Bari in fara da tambayarka, domin mutane da yawa suna rikicewa a nan. Wannan 100% ɗin ba ya maganar cikar faifai ko kaɗan. Yana nufin cewa a cikin kowace daƙiƙa faifan bai samu hutu ba, kullum akwai buƙatar karatu ko rubutu da yake kan biya. Kamar injin niƙa ne: rumbun mai injin yana iya zama babu komai, amma injin kansa bai tsaya ba tun asuba saboda layin masu niƙa bai yanke ba.

To amma injin niƙa yana iya wuni bai huta ba saboda dalili biyu mabambanta. Ko dai hatsin da aka kawo ne ya yi yawa, ko kuma injin ne ya lalace har tiya ɗaya take cin sa'a guda. Abin da Malama Zainabu ta bayyana shi ne na farko, kuma shawararta daidai take a irin matsalarta. Sai dai tsayawar rabin minti da ka ambata, da kuma cewa abin ya tsananta cikin makonni uku kacal ba tare da ka ɗora sabuwar manhaja ba, su ne suka sa nake zargin na biyu.

Ga yadda za mu rarrabe. Ka kunna kwamfutar ka bar ta minti goma sha biyar ba ka taɓa komai ba, domin a kan faifai irin na da, mai juyawa, ba abin mamaki ba ne a ga 100% a mintunan farko yayin da Windows Update da binciken rigakafi da SysMain, wani aikin bayan fage na Windows, suke rububi. Bayan haka ka danna Ctrl+Shift+Esc, ka shiga shafin Performance, ka zaɓi Disque 0. Ka rubuto mana lambobi uku: Temps d'activité, da Temps de réponse moyen, da saurin karatu da rubutu da ke ƙasansu. Ka kuma gaya mana ko an rubuta HDD, wato mai juyawa, ko SSD, wato na zamani marar juyawa, a jikin sunan faifan. Ina roƙonka kada ka bari kowa ya goge ta tukuna.

Malam Sani, Garwa

Na gode, Malama, na gode, Injiniya. Na fara da shawarar Malama, na kashe manhajoji tara a shafin Démarrage. Gaskiya allon farko ya ɗan fi saurin bayyana, amma tsayawar nan tana nan yadda take. Sannan na bi abin da Injiniya ya ce. An rubuta HDD. Temps d'activité yana manne a 100% ko bayan minti ashirin. Temps de réponse moyen ba ya zama wuri ɗaya: wani lokaci 40 ms, sai ya yi tsalle zuwa 3000, har na ga ya wuce 8000 daidai lokacin da kwamfutar ta daskare. Saurin karatu kuwa bai fi 300 Ko/s ba, sau da yawa ma sifili yake nunawa. A shafin Processus na duba, babu manhajar da ta kai ko 1 Mo/s.

Akwai wani abu da ban ambata ba saboda ban ɗauke shi da muhimmanci ba. Da dare idan gari ya yi tsit, nakan ji wata 'yar ƙara daga gefen hagu ƙarƙashin tafin hannuna, ƙas, ƙas, sau uku ko huɗu, sai ta yi shiru.

Injiniya Bukar, Marwa

Malam, wannan ƙarar ai ita ce ta fi duk abin da ka rubuto muhimmanci. Amma bari mu bi lambobin tukuna, don sauran masu karatu su ga yadda ake fassara su. Faifan laftof mai juyawa, wanda yawanci ke yin zagaye 5400 a minti, idan lafiyarsa ƙalau yakan amsa buƙata ɗaya cikin milisakan goma zuwa ashirin, idan aiki ya yi masa yawa ya kai ɗari ko ɗaruruwa. Idan babban fayil yake karantawa a jere kuma, yana iya ba da megabait 80 zuwa 100 a daƙiƙa. Naka yana ɗaukar daƙiƙa takwas cur kafin ya amsa, kuma abin da yake fitarwa bai kai rabin megabait ba, ga shi babu wata manhaja da ke matsa masa. Ma'ana yana aiki tuƙuru amma babu abin da ke fitowa. Abin da ke jawo haka galibi shi ne, allurar karatu ta iso wani gurbi da ya lalace a fuskar faifan, ta kasa karantawa, ta koma ta sake gwadawa sau da dama, Windows kuma yana tsaye yana jiran amsa. Wannan jiran shi ne daskarewar da kake gani, komawar allurar kuma ita ce ƙarar da kake ji.

Faifan da kansa yana riƙe da rajistar lafiyarsa, wadda ake kira SMART. Ka samo ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo, zai fi kyau ka sauke ta a wata kwamfutar ka kawo ta a filash. Idan ka buɗe za ka ga launi a sama: shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuma an riga an makara. Kada ka tsaya a launin kawai. Ka nemo layuka uku ta lambobinsu na gefen hagu, wato 05 da C5 da C6, ka kwafo abin da ke ginshiƙin ƙarshe na hannun dama.

Ɗanjuma, Kusseri

Injiniya, ba sai an wahalar da Malam da sauke wata manhaja ba, ga kuɗin data. Windows yana da nasa. A buɗe cmd a buga wannan:

```
wmic diskdrive get model,status
```

Idan ya ce OK, faifai lafiya lau, mu koma maganar bairos. In kuma ana shakka sai a yi `chkdsk C: /r`, shi yana gyara guraben da suka lalace.

Malam Sani, Garwa

Na buga na farkon kamar yadda Ɗanjuma ya ce, kuma OK ya fito. Amma yarona ya riga ya kawo mini ɗayar manhajar daga wurin abokinsa, ita kuma rawaya ta nuna. A layin 05 akwai 000000000018, a C5 akwai 000000000038, a C6 akwai 000000000008. Zafin faifan digiri 51. Yanzu wanne zan gaskata a cikinsu? Na biyun da Ɗanjuma ya faɗa ban buga ba tukuna, ina jiran a tashi daga kasuwa.

Injiniya Bukar, Marwa

Alhamdu lillahi da ba ka buga ba. Ɗanjuma ƙanena, umarninka na farko ba ƙarya yake yi ba, sai dai ba ya canza amsa sai faifan ya ayyana da kansa cewa ya haye iyakar da kamfanin da ya ƙera shi ya sa masa, kuma wannan iyaka tana da nisa ƙwarai. Na sha karɓar faifan da ya kusa daina tashi gaba ɗaya alhali yana cewa OK. Idan ya nuna matsala a yarda da shi, amma OK ɗinsa ba shaida ba ce.

Lambobin da Malam ya kwafo ba a ƙidayarmu ta goma-goma suke ba, a ta sha shida-sha shida suke, don haka 18 ɗin nan 24 ne, 38 kuma 56 ne, 8 dai 8 ne. Layin 05 yana ƙirga guraben da suka mutu har faifan ya maye su da na ajiya da aka tanadar masa tun daga masana'anta. Waɗannan 24 an riga an binne su, kuma da su kaɗai ne, suka kuma tsaya a haka wata da watanni, da ba zan tayar maka da hankali sosai ba. Layin C5 shi ne abin damuwa, domin yana ƙirga guraben da faifan ya kasa karantawa kuma bai iya kwashe abin da ke cikinsu ba. Wato a halin yanzu akwai wurare 56 da ke ɗauke da bayanai, wataƙila na Windows, wataƙila na lissafinka, waɗanda ba sa karantuwa. A lafiyayyen faifai wannan layi sifili yake nunawa.

Game da `chkdsk /r`, ba ya warkar da gurbin da ya lalace, alama kawai yake sa masa don kada a ƙara amfani da shi. Kafin ya yi haka kuwa sai ya karanta faifan daga farko har ƙarshe, aikin da kan ci sa'o'i da yawa ko a lafiyayyen faifai mai gigabait 500. Ɗora wa faifai mai ƙara irin wannan aiki a zafin Garwa na watan Afrilu, kana iya wayar gari ka tarar ya tafi da komai. Haka ma sake ɗora Windows. Ba na musun cewa ya yi wa taka magani, Ɗanjuma, domin mai yiwuwa taka manhajoji ne suka cushe ta. A kan wannan faifan kuwa, rubuta sabon Windows zai sa ya maye wasu guraben, kwamfutar ta yi kamar ta warke na mako biyu ko uku, sannan ciwon ya dawo.

Abin yi a daren nan shi ne kwashe kaya, kuma a fara da mafi tsada. Kada ka ja babban kundin Users gaba ɗaya ka jefa a filash. Ka fara da fayilolin lissafi, waɗanda duka-duka ba za su wuce 'yan megabait ba, sannan takardu, sannan hotuna, bidiyo su zo ƙarshe in faifan ya kai. Ka jona caja, ka tabbata batirin yana riƙe wuta ko da an ɗauke lantarki, ka ɗora ta a kan tebur mai tauri kusa da fanka, kada ka ɗaga ta ko ka girgiza ta tana aiki. Idan kwafin hannu ya riƙa tsayawa a kan fayil ɗaya, ka buga wannan a cmd, ka sauya sunayen su dace da naka:

```
robocopy "C:\Users\Sani\Documents" "E:\Ajiya" /E /R:1 /W:1
```

Amfanin `/R:1` shi ne ya sake gwada fayil mai matsala sau ɗaya kawai ya wuce gaba. Idan ba a sa ba, robocopy an tsara shi ya sake gwadawa har sau miliyan, yana jiran daƙiƙa talatin tsakanin kowane gwaji.

Alhaji Musa, Njamena

Ku gafarce ni in shigo da tawa. Ni ma tawa tana yin sanyin jiki, musamman da azahar, fankarta tana kuka kamar za ta tashi sama, ƙasanta kuma ba ya taɓuwa don zafi. Da na karanta bayaninku na duba, sai na ga Disque bai wuce kashi biyar ba. Shin ita ma faifan ne ke mutuwa, in fara kwashe kaya?

Injiniya Bukar, Marwa

Ranka ya daɗe, Alhaji, ajiye kwafi ba ya taɓa zama asara, amma taka ba ta yi kama da ciwon faifai ba. Ta fi kama da ƙurar hunturu da ta toshe mafitar iska, firoseso ya yi zafi ya rage gudunsa don kada ya ƙone. Ka duba Processeur a shafin Performance lokacin da take yin haka, idan gudun ya faɗi ƙasa da 1 GHz alhali kana aiki, to a buɗe ta a share fanka a sabunta man sanyaya firoseso.

Malam Sani, Garwa

Ga rahoton daren jiya. Fayilolin lissafi sun fita duka in ban da guda ɗaya, na bashin 'yan kasuwar da muke ba masara na shekarar 2023, wanda ya tsaya da saƙon "Erreur de données (contrôle de redondance cyclique)". Sau biyu na gwada na haƙura kamar yadda aka ce. Takardu sun fita, hotuna kuma kusan gigabait 11 sun ɗauki sa'a huɗu, guda goma sha bakwai suka ƙi. Da asuba na sake buɗe CrystalDiskInfo, sai na ga C5 ya tashi daga 38 zuwa 70, wanda idan na fahimci ƙidayar da Injiniya ya koya mana ya zama 112, wato ya ninka a dare ɗaya. Na kashe ta na sa a aljihun tebur.

Yanzu na tuna cewa kusan wata guda da ya wuce na sa ta a jaka ba tare da na kashe ta ba, murfin kawai na rufe, na hau babur zuwa Pitowa ranar kasuwa, kuma mun faɗa wani rami da har haƙorana suka haɗu. Ko wannan ne sanadi?

Malama Zainabu, Ngawundere

Allah ya mayar da alheri, Malam. Na ji daɗi da ba a tsaya a shawarata ba, domin da saurin da aka samu ya rufe maka ido. Amma ina da tambaya ga Injiniya. Kwamfuta mai RAM gigabait 4, wadda Windows 10 ɗinta ma Microsoft ya sa ranar 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ƙarshen tallafinsa, ta cancanci a kashe mata kuɗin sabon faifai? Ni a ganina gara a haɗa kuɗin a nemi wata.

Injiniya Bukar, Marwa

Malam, lissafinka daidai ne, 112 ne. Wani ɓangare na ƙarin ya zo ne saboda kwafin ya ratsa wuraren da aka daɗe ba a karanta ba, sai aka gano ɓarnar da ke kwance, amma ko ta wace fuska aka duba, wannan faifan ba abin dogaro ba ne kuma. Maganar babur tana iya zama sanadi idan kwamfutar ba ta riga ta yi barci ba lokacin da kuka faɗa ramin, ko ta farka a cikin jaka, domin allurar tana shawagi ne dab da fuskar faifan yayin da yake juyawa, kuma bugu ɗaya ya isa ta karce shi. Idan kuwa ta yi barci sosai, allurar tana ajiye a gefe, kuma sai mu ce tsufa ne da zafi. Babu mai iya rantsuwa a kan ɗaya daga nan.

Fayil ɗin bashi kada ka ƙara gwada shi ta Windows. Idan yana da daraja, a cire faifan a jona shi a wata kwamfutar mai Linux, a ɗauki cikakken kwafinsa da `ddrescue`, wanda ke fara kwashe wurare masu lafiya sannan ya dawo kan masu wuya a hankali. Wani lokaci gurbin yakan karantu a gwaji na biyar ko na goma. Sai dai fayil ɗin Excel na zamani a dunƙule yake, gurbi ɗaya da ya ɓace a tsakiyarsa yana iya hana shi buɗewa gaba ɗaya, don haka ban yi maka alkawari ba.

Malama, a nan mun ɗan saɓa. Ga mai aikin Excel da rubutu, SSD na SATA mai inci 2.5 zai shiga daidai ramin da tsohon ya fito, gigabait 240 ko 256 ya ishe shi tunda bidiyo ba aikinsa ba ne, ba shi da allura balle ramin hanya ya dame shi, kuma zai sa kwamfutar nan ta tashi cikin ƙasa da minti ɗaya. Idan ma ya sayi wata daga baya, SSD ɗin yana iya binsa, ko a ciki ko a ɗan akwatin USB. Abin da zan ja kunnensa a kai shi ne na kwance da ake cirowa daga wasu kwamfutoci: ya sa mai shago ya jona shi a gabansa, ya buɗe CrystalDiskInfo, ya duba kason lafiyarsa da sa'o'in da ya yi yana aiki kafin ya miƙa kuɗi.

Malama Zainabu, Ngawundere

Na yarda SSD zai kawar da jiran faifai, amma gigabait 4 ɗin suna nan, kuma da zarar ya buɗe burauza da shafuka biyar tare da Excel, RAM zai cika ya koma jingina da faifai. Idan za a yi, a duba ko akwai ramin ƙara RAM a kai shi 8 a buɗewa ɗaya. In babu ramin, ina nan a kan bakana.

Ɗanjuma, Kusseri

To na karɓi gyara a kan OK ɗin nan. Amma ko da sabon faifan ne ai sai an ɗora sabon Windows, kun ga maganata ta farko ba ta faɗi ƙasa duka ba. Kuma a binciki filash ɗin da aka kwashe kayan a ciki kafin a mayar da su.

Malam Sani, Garwa

Za a bincika, Ɗanjuma. Yarona ya kwance murfin ƙasa ya ce ramukan RAM biyu ne, ɗaya babu komai a ciki. Jibi akwai motar da za ta tafi Marwa da buhunan masara, zan ba direban tsohon faifan a naɗe cikin tsumma a cikin kwali ya kawo maka, Injiniya, ka gwada abin da ka ambata. Kafin nan na ciro tsohon littafin bashi na takarda daga ƙarƙashin kanta, sai dai na daina rubutu a cikinsa tun watan Yuni na 2023, kuma yawancin masarar bayan kaka aka fitar da ita.